Jin Rami: tarkacena 9 a ja na biyar, in ƙwanƙwasa ko in jira Jin?

Danliti_K: Salamu alaikum jama'a. Ku raba mana gardama ni da abokina. Wasan karta na Jin Rami muke yi, kati goma-goma, wasa zuwa maki 100, bonas ɗin Jin, wato haɗa kati goman duka, 25, yankan baya ma 25, wato in tarkacen wanda aka ƙwanƙwasa wa bai fi na mai ƙwanƙwasawa ba. Maki kawai muke rubutawa a takarda. A ja na biyar, bayan na yar, ga abin da ke hannuna:

7♠ 8♠ 9♠, Q♥ Q♦ Q♣, sai A♦ 2♣ 3♥ 3♠

Tarkacena, wato makin katin da bai shiga haɗi ba, 9 ke nan. Saura kati 22 a tulin ja, kuma shi bai ɗauki komai daga juji ba, K da J kawai yake ta zubarwa. Na ƙwanƙwasa, wato na rufe rabon tunda tarkacen bai haura 10 ba, na ci 14. Sai ya buɗe tulin ya nuna min 3♦ ce ta biyu a sama, wato ni za ta zo wa. Ya ce na yi asarar hannun Jin saboda gaggawa. Shin gaskiyarsa ce?

Auwal_Daiman: Wa alaikumus salam. Ka yi daidai. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ni dokata ɗaya ce, da zarar tarkace ya sauka 10 na buga tebur, ba na duban komai.

Maman_Haidar: Ni kam ina bayan abokinka. 14 kawai? Da ka yi Jin 25 za ka samu tun kafin a fara ƙirga nasa. Ga uku biyu a hannu, ga jeri mai baki biyu. Ban ga abin sauri ba.

Malam_Tanimu: Danliti, ajiye maganar 3♦ tukuna, domin lokacin da ka yanke shawara ba ka gan ta ba. Abin dubawa shi ne kati nawa ya raba ka da Jin. Mutane suna kallon adadin maki su ce 9 ai kusa ne, alhali 9 ɗinka a warwatse yake cikin kati huɗu. Mai kati ɗaya tal na 9, da sauran tara a haɗe, kati ɗaya yake jira. Kai biyu kake jira, kuma ba kowane biyu ba.

Dole sai uku ta zo, ko 3♦ ko 3♣, sannan a ƙara da ɗaya daga cikin 6♠, 10♠, Q♠, ko ɗaya ukun. Katin da ba ka gani ba 32 ne: 22 a tuli, 10 a hannunsa. Biyu ne kacal cikinsu uku. Kowane ja ɗaya cikin goma sha shida ke nan. Kuma ana tsayar da rabo idan tuli ya rage kati biyu, don haka ja goma ya rage maka in har shi ya zauna yana kallonka. Ko a ja goman nan duka, samun uku daga tuli kaɗan ya ɗara rabi da rabi. Ga kuma kati na biyun da ba mu ma taɓa maganarsa ba.

Kada kuma ka sa rai zai yar maka da uku. Ƙananan kati su ne kowa ke riƙewa don ya sauko ƙasa da 10.

Maman_Haidar: Malam, na ji lissafin. Amma ai ba sai Jin ba. Da ya ɗan jira ja ɗaya ko biyu ya rage 9 ɗin zuwa 5 ko 6, ai ribar za ta fi.

Malam_Tanimu: Hajiya, duba me kowa yake samu a wannan jiran. Danliti zai canza 3 da A, ya rage 2. Abokinsa a wannan jan zai zubar da K ko 10, ya maye ta da 4, ya rage 6. In kuma ya dace da katin da ya cika masa haɗi, 20 ko fiye za su ɓace a ja ɗaya. Mai nauyi a hannu shi jira ke yi wa amfani a farkon rabo.

sadiq_04: Don Allah ban gane ba. Me ya sa bai shimfiɗa Q ukun a tebur tun farko ba? Mu idan ka haɗa uku sai ka ajiye, kowa ya riƙa ƙarawa a kai.

Auwal_Daiman: Sadiq wancan rami ne na gama-gari. A Jin Rami ba a buɗe komai sai ƙarshen rabo. Kana ɓoye da katinka goma har sai wani ya ƙwanƙwasa ko ya yi Jin.

sadiq_04: To madalla. Shi tarkacen fa, yaya ake ƙirga shi? Ita A nawa ce?

Zee_Karta: A ɗaya ce, K, Q da J goma-goma, sauran kuma lambar da ke jikinsu. Duk katin da bai shiga haɗi ba shi ake tarawa, kuma bayan ka yar da na goma sha ɗayan ake ƙirgawa. Ita A kullum a ƙasa take, A-2-3 jeri ne amma Q-K-A ba jeri ba ne.

Inda na fi ganin ana tafka kuskure shi ne kati ɗaya mai iya shiga wuri biyu. Ka ce kana da 5♠ 6♠ 7♠ 7♥ 7♦. Ido yana ganin jeri a gefe, yana ganin bakwai uku a gefe, sai mutum ya ɗauka duk biyar ɗin sun haɗu. 7♠ wuri ɗaya za ta zauna. In ka ba wa jeri ita, 7♥ da 7♦ sun zama tarkace, 14. In ka ba wa bakwai-bakwan, 5♠ da 6♠ sun rage, 11. Ko ta wane gefe ka haura 10, ba ka da ikon ƙwanƙwasawa. Na ga wanda ya baje hannu irin wannan yana murna, aka ƙirga masa ya ga ba haka ba, ga shi ya riga ya nuna katinsa duka.

Danliti_K: Na gode Anti Zee. A manhaja ma maɓallin `Knock` ba ya kunnuwa sai lissafin ya cika, shi ya sa wasu da suka saba da waya suke rikicewa da kati na hannu.

Baba_Audu: Ina karanta ku tun ɗazu. Amsar Danliti na yarda da ita. Dokar Auwal ce ban yarda da ita ba, wai ko yaushe 10 ta cika a buga. Bari in ba ku nawa.

Tuli ya rage kamar goma sha biyu. Hannuna: 4♥ 5♥ 6♥, 9♣ 10♣ J♣, K♠ K♥ K♦, da 8♦ ita kaɗai. 6♥ da J♣ daga juji na ɗauke su, yana gani. Na ƙwanƙwasa da 8. Ya buɗe, haɗi biyu gare shi, tarkacensa 7♥, 8♥, Q♣ da 2♠, jimilla 27. A ido cin 19 ne. Sai ya liƙa 7♥ a jikin 6♥ ɗina, 8♥ ta bi bayanta, Q♣ ta hau kan J♣. Saura 2♠ a hannunsa. Biyu da takwas. Ya kwashi 25 na yankan baya da 6 na bambanci, 31.

Katin nan uku ba haɗari ne ya bar su a hannunsa ba. Ya san abin da nake haɗawa, ya ƙi yar min da su, kuma ya san ko na ƙwanƙwasa ba za su cutar da shi ba. Da Jin na yi babu liƙawa, 25 da 27, 52 ke nan.

Auwal_Daiman: Baba, wannan ai tsautsayi ne. Sau nawa za a samu mutum riƙe da kati uku da duk suka dace da naka?

Baba_Audu: Da ƙwararre, a ƙarshen rabo, sau da yawa ɗana. Ka tambayi kanka: an kusa cinye tuli, 7♥ ba ta fito ba, Q♣ ba ta fito ba. Ina suke? Goma daga cikin katin da ba ka gani ba suna hannunsa, kuma shi ba a makance yake riƙon su ba.

Malam_Tanimu: Baba ya taɓo abin da nake so a riƙe. Katin da kake jira don yin Jin, su ne dai katin da zai liƙa maka in ka ƙwanƙwasa. Jeri mai baki biyu da Hajiya ta yaba yana da wannan gefen. Yana ba ka ƙofa biyu na Jin, yana kuma ba shi ƙofa biyu na zubar da kaya, har ma fiye, tunda 8♥ tana bin 7♥. Kati uku masu lamba ɗaya kuwa guda ɗaya kawai ake iya liƙa musu. Saboda haka kafin in buga tebur a tsakiyar rabo ko ƙarshensa, ina bin bakin kowane haɗi nawa ɗaya bayan ɗaya: wannan katin yana juji, ko ban gan shi ba? In yana juji ya mutu, ba zai ba ni Jin ba, ba zai kuma cece shi ba. In ban gan shi ba, kuma ya san ina so, to na ɗauka yana hannunsa.

Zee_Karta: Baba, amma jiran Jin a hannun naka ma ba tabbas ba ne. 7♥ da Q♣ suna wurinsa. Saura 3♥, 8♣ da K♣, in ma ba su faɗa juji ba.

Baba_Audu: Haka ne 'yata. Ban ce lallai Jin ba. Abin da ya dace shi ne in fara sauya 8♦ da ƙaramin kati. Da A a hannu maimakon 8, sai in zaɓa cikin natsuwa. Ko a hannun nan nasa, 2♠ ɗinsa ta fi A, da ban sha yankan baya ba.

ummi_b: Tambaya a gefe. In na ƙwanƙwasa da 4 shi ma ya tashi da 4, canjaras ne?

Zee_Karta: A'a, nasa ne. Daidai ko ƙasa duk yankan baya ne. Zai ɗauki bonas ɗin, bambanci kuma sifili.

Nura_Lissafi: Ina so in ja da Hajiya da ma duk masu son Jin, ko a hannu mafi kyau. A ɗauka kati tara a haɗe, ƙofa biyar duk a raye, tarkace A guda, amma da wuri, katin da ba a gani ba 32. Damar dacewa daga tuli cikin ja uku kusan huɗu cikin goma ce. Huɗu cikin goma na 25 maki 10 ke nan. A ja ukun nan mutumin da ke ɗauke da 30 ko 40 zai iya zubar da abin da ya fi 10 nesa ba kusa ba. Ni a nan ma bugawa zan yi.

Maman_Haidar: Ka manta da abin da zai yar. In bai san haɗina ba, kowace yarwarsa ma dama ce. Ka kuma manta babu liƙawa a Jin.

Nura_Lissafi: Na yarda, hakan yana ɗaga lissafin. Amma bai goge zubar da kayan da yake yi ba.

Malam_Tanimu: Ku biyun kowa yana riƙe da rabi. Nura, lissafinka ya tsaya ne a kan cewa hannunsa da nauyi. In da nauyi, buga, ka kama shi da kayansa. Amma a ce alamu sun nuna ya sauko: ya ɗauki kati biyu daga juji, ya daina yar da manya, yanzu 5 da 4 yake yarwa. Me za ka ci in ka ƙwanƙwasa da A? Watakila 4, watakila 6, watakila ya liƙe komai ya yanke ka. A nan 25 ɗin Jin ita ce kusan dukan ribar da ta rage a rabon. Jiran kuma ba shi da tsada, don in shi ya ƙwanƙwasa da 5 ko 7, kai ne za ka yanke shi da A ɗinka. Jin ɗinsa kawai kake tsoro. Wannan shi ne wurin da nake neman Jin da gangan: tara a haɗe, tarkace 1 ko 2, ƙofa huɗu ko biyar da na tabbata ba sa juji, shi kuma ya riga ya yi sauƙi.

Auwal_Daiman: To in shi ma Jin yake jira fa, Malam? Kun zauna kowa yana jiran kowa, ya riga ka, ka ba da 26 a banza.

Malam_Tanimu: Yana faruwa. Alamarsa ita ce ya ja ƙaramin kati kamar A ko 2 ya yar nan take. Mai neman saukowa ƙasa da 10 ba ya yin haka. In na ga wannan, kuma ƙofofina sun ragu zuwa biyu, ina iya bugawa da A ɗin, don shi ma kati ɗaya ne a hannunsa, kuma zai yi wuya ya zama A. Hatsarin shi ne katin nan ɗaya ya liƙu a jikina. Ba ni da amsa guda da za ta yi a kowane tebur.

Garba_Oklahoma: Duk wannan a wasan da iyaka take 10 ne. Mu salon Oklahoma muke yi, katin farko da aka buɗe shi ke faɗin iyakar ƙwanƙwasawa. In 4 ce, sai ka sauko 4. In ♠ ce kuma makin rabon ninki biyu ne. A can hannun Danliti na 9 ba ya ma da bakin magana in an buɗe ƙaramin kati.

Danliti_K: Mu dai na 10 muke yi Yaya Garba. Amma in iyaka 4 ce ai kusan dole tara su haɗu.

Garba_Oklahoma: Kusan haka. Shi ya sa a irin wannan rabon riƙe ƙananan kati barkatai ba ya kai ka ko'ina, haɗi na uku ake nema.

ummi_b: Babu wanda ya yi maganar makin da ke takarda. Ni shi nake fara dubawa. In abokin wasa yana 78, yankan baya ɗaya ya kai shi 103, wasa ya ƙare. A nan ba zan buga da 8 a ƙarshen rabo ba ko me za a ce. In kuma ni ce a 94, Jin me zai ƙara min? Shida nake nema, da na samu dama da wuri na buga.

Nura_Lissafi: Daidai. A ƙara da cewa masu rubuta bonas na kowane rabo da aka ci, 25 a ƙarshen wasa, cin 14 ɗin Danliti 39 ne a gaskiya. Wannan yana ƙara wa ƙwanƙwasawa da wuri nauyi. Sannan a fara tambayar dokar gida, don wasu Jin 20 suke ba wa, yankan baya 10. In yankan baya 10 ne, tsoron da Baba ke faɗa ya ragu sosai.

Zee_Karta: Danliti, mu koma kan naka. Ka tuna abin da ya buɗe?

Danliti_K: Na ɗauki hotonsa saboda gardamar. 4♦ 5♦ 6♦ a haɗe, sai 10♠ 8♥ 5♥ 4♣ 3♣ 2♥ A♠. Jimilla 33, ya liƙa 10♠ a jerina ya koma 23. A cire 9, 14.

Zee_Karta: To ai hoton nan ya amsa masa. 3♣ tana hannunsa, kuma da 4♣ a gefenta ba zai sake ta ba. Yanzu bi wasan kamar ba ka ƙwanƙwasa ba. Shi zai ja, kuma mafi kusa 10♠ zai yar tunda ita ce babba. Kai me za ka yi da 10♠ a saman juji? Kowa ɗauka zai yi, ta shiga jeri. Kana ɗauka ba ka ja daga tuli ba, 3♦ ɗin da yake nuna maka ta koma tasa, ta zauna daram a gaban 4♦ 5♦ 6♦. Uku biyun da kake jira duk sun ƙare a hannunsa.

In kuma ka ƙyale 10♠ ka ja 3♦, ka haɗa uku uku, dole ka yar da A♦ ko 2♣. Yawancin mutane 2♣ za su yar don su rage 1, ita kuwa take cika masa 2♣ 3♣ 4♣. Kai kuma 10♠ ta binne, 3♣ ta kulle, saura 6♠ da Q♠ kawai.

Maman_Haidar: Wannan na gani, ban musa ba. Amma Zee, ke ma yanzu da buɗaɗɗen kati kike magana, abin da Malam ya hana tun farko. Kuma a hanya ta biyun Danliti yana zaune da tarkace 1, abokin bai isa ya ƙwanƙwasa masa ba. Ni har yanzu wannan zaman ya fi min cin 14.

Malam_Tanimu: Zaman yana da kyau Hajiya, in an kai gare shi. Hanyar zuwa ce ɗaya cikin goma sha shida a kowane ja.

Auwal_Daiman: Na sassauta dokata kaɗan: kafin tuli ya kai rabi ina nan a kan bugawa da 10. Bayan rabi zan fara duba bakin haɗi kamar yadda Baba ya ce. Amma ina ne rabin? 15? 18?

Baba_Audu: Ni ba tuli nake ƙirgawa ba, abin da yake yarwa nake kallo. Akwai wanda a ja na huɗu ya riga ya sauko, akwai wanda har tuli ya rage goma yana fama da J biyu.

sadiq_04: Wata tambayar kuma. In da A♦ 2♦ ne a hannun Danliti maimakon A♦ 2♣, tare da 3♥ 3♠ ɗin, tarkace dai 9 ne. Amsar za ta canza?

Nura_Lissafi: Ba sosai ba. 3♦ za ta iya shiga wuri biyu amma ɗaya za ta zauna, kamar 7♠ ɗin Anti Zee. Ƙofar farko har yanzu 3♦ da 3♣ ne. Da dai 2♦ 3♦ 3♠ ne, tare da A♠ misali, nan ƙofofin sun yawaita: A♦, 4♦, 3♥, 3♣, da 2♠. Biyar maimakon biyu, tarkace kuma 9 ɗin dai. Wannan ne zan so jin ra'ayin Malam a kai, don ni kaina zan ɗan tsaya kafin in buga.

Malam_Tanimu: A ja na biyar, da mutumin da ke zubar da K da J, ni zan buga duk da haka, don ko ƙofar ta buɗe saura kati na biyu. A ja na tara da mutumin da ya ɗauki biyu daga juji, zan jira. Baba, kai fa?

Baba_Audu: Sai na san wa ke gabana. In mai riƙe katina ne, zan jira tun a na biyar ɗin.